Tafiyar harafin K a kan zaren waya: yadda ake gina mai aika UART a cikin FPGA

Duk wanda ya taɓa kwance dikoda ko na'urar raba intanet ya duba allon da ke ciki, da wuya bai ga wasu ƙananan ramuka uku ko huɗu a jere ba, an rubuta TX, RX da GND a gefensu. Ta nan injiniyoyin da suka ƙera na'urar suke sauraren abin da take faɗa sa'ad da aka kunna ta. Hanyar maganar sunanta UART, kuma ta girmi yawancin masu amfani da ita a yau. Gordon Bell ne ya tsara irinta ta farko domin kwamfutar PDP-1 ta kamfanin DEC a farkon shekarun 1960, lokacin tana cin allo guda sukutum. A 1971 kamfanin Western Digital ya tattara ta cikin ayisi ɗaya mai suna WD1402A, sannan kwamfutar IBM ta 1981 ta fito da ayisin 8250 mai wannan aiki. Yau ɗalibin lantarki yana iya gina ɓangaren aikawarta da yamma ɗaya, da layukan rubutu da ba su kai arba'in ba, a cikin ayisin da ake kira FPGA.

Aikin ƙarami ne, amma malaman wannan fanni suna yawan sa ɗalibai su fara da shi, kuma suna da hujja. A cikinsa ne mutum yake fara gane cewa a duniyar ƙarfe babu wanda zai jira masa lokaci. Shi zai ƙirga shi da kansa.

Yarjejeniyar da ke kan wayar

Matsalar da UART ta zo warwarewa mai sauƙin faɗa ce. A cikin kwamfuta kowane harafin boko na yau da kullum lamba ce mai bit takwas, wato sifiri da ɗaya guda takwas a jere, abin da ake kira bayit. A tsarin ASCII babban harafin K shi ne `01001011`. Ana so a kai waɗannan takwas daga wata na'ura zuwa wata, amma zaren waya ɗaya tak aka bayar, ban da wayar ƙasa da ke haɗa su. Dole su bi layi ɗaya bayan ɗaya. A kan allon zamani, bolt 3.3 shi ne ɗaya, rashin wuta kuma shi ne sifiri.

Sai tambaya ta taso. Idan mai karɓa ya ga wuta ta daɗe a kan layin, ta yaya zai san ɗaya guda ne aka aiko, ko biyu a jere, ko kuwa babu wanda ke magana? Wasu hanyoyin sadarwa, irin su SPI, sukan ƙara waya ta musamman mai ɗauke da bugun agogo, kowane bugu yana cewa "karanta yanzu". UART ba ta da wannan wayar. Abin da take da shi alkawari ne da ɓangarorin biyu suka ɗauka tun kafin a fara: kowane bit zai zauna a kan layi na tsawon lokaci kaza. Saurin nan shi ake kira bod, daga sunan Émile Baudot, injiniyan telegiraf na ƙasar Faransa. Idan aka ce bod 115200, ana nufin bit 115,200 a cikin sakan ɗaya, kowane bit yana da rabon maikurosakan 8.68, maikurosakan kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na sakan.

Sa'ad da babu saƙo, layin yana zaune a ɗaya. Wannan gado ne daga zamanin telegiraf, inda ake barin wuta tana gudana ko ba a aika komai, domin idan ta ɗauke a san waya ta tsinke. Da mai aikawa ya tashi magana, sai ya fara jawo layin zuwa sifiri na tsawon bit guda. Shi ne bit na farawa. Ba ya ɗauke da ko ɗigon saƙo, matsayinsa na sallama ne a bakin ƙofa: ba ita ce maganar da ta kawo baƙo ba, amma da ita mai gida yake sanin maganar na tafe. Daga wannan faɗuwar wuta mai karɓa yake tayar da nasa agogon. Zai jira rabin bit ya sake dubawa, ya tabbatar ba hayaniyar lantarki ce ta ruɗe shi ba, daga nan kuma ya riƙa leƙa layin a tsakiyar kowane bit, inda wutar ta fi natsuwa.

Bayan bit na farawa sai bit takwas na saƙo, kuma a nan akwai abin da ke kayar da sababbin shiga. Daga dama ake farawa, daga bit mafi ƙanƙantar daraja. Harafin K da aka rubuta `01001011` zai fita a haka: 1, 1, 0, 1, 0, 0, 1, 0. A ƙarshe layin ya koma ɗaya na tsawon bit guda aƙalla, wato bit na tsayawa. Amfaninsa ya fi yadda ake zato. Bit na ƙarshe a harafin K sifiri ne, bit na farawa na harafi mai biyo shi ma sifiri ne. Da babu ɗaya a tsakaninsu, da babu faɗuwar wutar da mai karɓa zai gani ya sake daidaita agogonsa. Tsofaffin injunan buga saƙo irin Teletype 33, masu gudu a bod 110, bit biyu ake ba su na tsayawa, saboda ƙarafunan cikinsu suna bukatar lokacin komawa mazauninsu.

Jimilla bit goma kenan domin harafi ɗaya: 0, 1, 1, 0, 1, 0, 0, 1, 0, 1. Wannan tsari shi ake rubutawa `8N1` a kan allon kwamfuta, ma'ana bit takwas na saƙo, babu bit na tantance kuskure, bit ɗaya na tsayawa. A bod 115200 tafiyar duka maikurosakan 86.8 ce, kuma layin yana iya ɗaukar haruffa 11,520 a sakan.

Ayisin da bai san "jira" ba

FPGA ayisi ne da ake sayarwa ba tare da an yanke masa aiki ba. Cikinsa cike yake da dubban ƙananan ƙofofin lissafi da ƙananan ma'ajiyai masu riƙe bit ɗaya-ɗaya, mai shi ne zai faɗa yadda za a haɗa su. Kamfanin Xilinx ya fitar da na farko a kasuwa, XC2064, a 1985. Misalin da za a bi a nan shi ne allon koyo na Basys 3 na kamfanin Digilent, wanda ke ɗauke da FPGA mai suna Artix-7, da agogo mai bugu miliyan 100 a sakan, da wani ayisin kamfanin FTDI mai mayar da UART zuwa USB domin kwamfuta ta ji.

Wanda ya saba da Arduino zai ce ai aikin ba wuya: a sa layi a sifiri, a jira, a sa bit na farko, a jira, haka har goma. A Arduino hakan yana yiwuwa domin akwai ƙwaƙwalwa mai karanta umarni ɗaya bayan ɗaya. A FPGA babu ita. Abin da ake rubutawa a harshen Verilog bayanin haɗin wayoyi ne, kuma duk abin da aka haɗa yana aiki lokaci guda, a kowane bugun agogo, tun daga kunnawa har kashewa. Akwai alamar jinkiri a Verilog, ana rubuta ta kamar `#8680`, amma a gwajin kwamfuta kaɗai take aiki. Manhajar da ke mayar da rubutu zuwa haɗin ƙarfe watsi take yi da ita. Ɗalibai da yawa sun ga aikinsu ya yi kyau a gwaji, suka ɗora a kan allo, ba su ga komai ba, dalilin kuwa wannan ne.

To ta yaya abin da bai san "bayan haka" ba zai yi abubuwa goma a jere? Sai an ba shi abin tuna inda yake. Wannan shi ne injin matakai. Ana ware ƙaramar rajista a ajiye lambar matakin da ake ciki, kuma a kowane bugun agogo injin yana amsa tambayoyi biyu kacal: a wannan mataki me zan sa a kan layi, kuma lokacin wucewa mataki na gaba ya yi ko bai yi ba? Mai aika UART matakai huɗu suka ishe shi. A matakin jira layi yana ɗaya, ana sauraren umarni. A matakin farawa layi yana sifiri. A matakin saƙo ana fitar da bit takwas. A matakin tsayawa layi ya koma ɗaya, daga nan a koma jira. Lambobi huɗu, daga 0 zuwa 3, bit biyu sun ɗauke su.

Saura lokaci. Agogon allon yana bugawa sau miliyan 100 a sakan, ana son bit 115,200 a sakan. Idan aka raba, ana samun 868 da ɗan ɓurɓushi. Saboda haka kowane bit zai zauna bugu 868, kuma ana bukatar maƙirgi da zai tashi daga 0 ya kai 867, ya koma sifiri. Ɓurɓushin da aka yar ya sa saurin gaskiya ya zama 115,207, bambancin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu goma ba. Nan gaba za a ga dalilin da ya sa wannan bai dami kowa ba.

Ga kayan aikin kamar yadda ake shelanta su:

```verilog
module uart_tx #(parameter N = 868) (
  input            clk, start,
  input      [7:0] data,
  output reg       tx = 1,
  output           busy
);
  localparam JIRA = 0, FARA = 1, SAKO = 2, TSAYA = 3;
  reg [1:0] state = JIRA;
  reg [9:0] cnt   = 0;
  reg [2:0] i     = 0;
  reg [7:0] kwafi = 0;
  wire   done = (cnt == N-1);
  assign busy = (state != JIRA);
```

Rajistar `state` ita ce mai tuna mataki. `cnt` shi ne maƙirgin bugu, an ba shi bit goma domin bit goma suna ƙirga har 1,023, wanda ya wuce 867. `i` yana nuna wane bit ne cikin takwas ake kai. `done` kan tashi na bugu ɗaya tak duk sa'ad da lokacin bit ya cika, `busy` kuma yana gaya wa sauran sassan na'urar cewa ana kan aiki, kada a kawo wani harafi tukuna. An sa `tx` ya fara da ɗaya da gangan, domin layin da ya farka a sifiri, mai karɓa zai ɗauka an yi masa sallama.

Ga kuma injin kansa:

```verilog
  always @(posedge clk) begin
    cnt <= (state == JIRA || done) ? 0 : cnt + 1;
    case (state)
      JIRA:  begin tx <= 1;
               if (start) begin kwafi <= data; state <= FARA; end
             end
      FARA:  begin tx <= 0;
               if (done) begin i <= 0; state <= SAKO; end
             end
      SAKO:  begin tx <= kwafi[i];
               if (done) begin
                 i <= i + 1;
                 if (i == 7) state <= TSAYA;
               end
             end
      TSAYA: begin tx <= 1;
               if (done) state <= JIRA;
             end
    endcase
  end
endmodule
```

Bari a bi K a ga yadda zai ratsa. Injin yana JIRA, maƙirgi a daskare a sifiri. Wani sashe ya ɗora `01001011` a kan `data`, ya ɗaga `start`. A bugu na gaba abubuwa biyu sun faru tare: an kwafe harafin cikin `kwafi`, mataki ya koma FARA. Kwafin nan bai kamata a raina shi ba. Aikawa za ta ɗauki bugu 8,680, kuma a cikin wannan dogon lokaci sashen da ya kawo harafin yana iya canza abin da ke kan `data`. Wanda ya aika kai tsaye daga `data` zai wayi gari rabin bit ɗin na K ne, rabi na wani harafin, kuma kuskuren ba kullum zai bayyana ba, abin da ya sa nemansa ke cin rai.

A FARA layi ya faɗi, maƙirgi ya fara tafiya. Bugu 868 babu abin da ya canza sai lambar maƙirgin. Da ya kai 867, `done` ya tashi, maƙirgi ya koma sifiri, mataki ya zama SAKO da `i` a sifiri. Yanzu layi ya ɗauki `kwafi[0]`, wanda a K ɗaya ne. Bayan wasu 868 `i` ya zama 1, layi ya ɗauki `kwafi[1]`, shi ma ɗaya, don haka mai kallon layin ba zai ga wani motsi ba a tsakanin bit biyun nan. Lokaci kaɗai ya raba su. Haka za a ci gaba har `i` ya kai 7 kuma lokacinsa ya cika, a wuce TSAYA, layi ya tashi, a ƙirga 868 na ƙarshe, a koma JIRA.

Mai lura zai ga cewa `tx` yana makara da bugu ɗaya a bayan `state`, tunda alamar `<=` tana nufin sabon abu zai zauna ne a bugu mai zuwa. Makarar ba ta da illa, domin ta shafi kowane bit daidai wa daida, tsawonsu bai canza ba. Ribarta kuwa babba ce. Layin da ke fitowa kai tsaye daga rajista sau ɗaya yake motsi a bugu, a tsabtace. Da an fito da shi daga ƙofofin lissafi ba rajista, yana iya yin ɗan ƙyaftawa sa'ad da mataki ke canzawa, ƙyaftawar da wani mai karɓa zai iya ɗauka a matsayin bit na farawa.

Idan aka tara ma'ajiyan da aka yi amfani da su a takarda, 24 ne: biyu na mataki, goma na maƙirgi, uku na `i`, takwas na kwafi, ɗaya na layi. FPGA ɗin Basys 3 yana da 41,600.

Iyakar haƙurin mai karɓa

Me ya sa ɓurɓushin da aka yar bai dami kowa ba? Domin mai karɓa yana sake saita agogonsa a farkon kowane harafi, kuskure ba ya taruwa ya wuce bit goma. Daga faɗuwar bit na farawa zuwa tsakiyar bit na tsayawa, tsawon bit tara da rabi ne. Mai karɓa yana nufin tsakiya, saboda haka yana da sararin rabin bit kafin ya zame ya karanta maƙwabci. Rabin bit a raba shi da tara da rabi, ana samun kashi biyar da ɗoriya cikin ɗari. Wannan shi ne iyakar bambancin da agogon ɓangarorin biyu za su iya yi a haɗe, a takarda. A aikace injiniyoyi sukan so kowane ɓangare ya tsaya ƙasa da kashi biyu, domin gefen bit ba ya tashi tsaye cak, kuma shi kansa mai karɓa, wanda galibi yake leƙa layi sau 16 a kowane bit, ba ya gane farkon faɗuwar daidai-daidai.

Wannan lissafi yana bayyana wani kuskure mai ɓuya. A ce mai rubutu ya sa `cnt == N` a maimakon `cnt == N-1`. Kowane bit zai zama bugu 869. A Basys 3 bambancin kusan kashi ɗaya ne cikin dubu, komai zai yi aiki lafiya, ba wanda zai sani. Ranar da aka ɗauki rubutun nan aka kai shi kan allon iCEstick na kamfanin Lattice, mai agogon bugu miliyan 12, aka nemi bod miliyan ɗaya, N ya zama 12. Ƙarin bugu ɗaya a kan 12 ya ɗan haura kashi takwas cikin ɗari, ya haye iyaka, kuma allon kwamfuta zai cika da shirme. Kuskuren yana nan tun ranar farko, girman 868 ne ya rufa masa asiri.

Akasin haka ma yana faruwa. Wani zai so rage sauri zuwa bod 9600, wanda yawancin ƙananan na'urorin GPS suke fitowa da shi. Zai raba miliyan 100 da 9,600 ya sami 10,417, ya sa a N, ya manta maƙirginsa bit goma ne. Maƙirgin zai kai 1,023 ya koma sifiri, ba zai taɓa ganin 10,416 ba, `done` ba zai tashi ba har abada. Injin zai shiga FARA ya maƙale, layi a sifiri. Alamar a fili take: mitar auna wuta ta nuna babu bolt a kan TX, fitilar da aka haɗa da `busy` kuma ta ƙi mutuwa. Maganin shi ne a faɗaɗa maƙirgin zuwa bit 14.

Daga gwaji zuwa allo

Masu hankali ba sa ɗora komai a kan allo sai sun gwada shi a kwamfuta. Da manhajoji na kyauta irin Icarus Verilog da GTKWave ana iya ganin zanen layin `tx` yana hawa yana sauka, a ƙirga bit goman da ido. Tunda N abin canzawa ne, a gwaji akan mayar da shi 4, harafi guda ya ƙare cikin bugu arba'in.

Bayan haka sai a gaya wa manhajar Vivado ƙafar ayisin da kowane suna zai fita. A Basys 3 agogo yana shigowa ta ƙafar `W5`, layin aikawa zuwa USB kuma yana kan `A18`. A kwamfuta a buɗe PuTTY ko Tera Term, a zaɓi 115200 da `8N1`. Mai Linux yana iya buga wannan, tunda galibi tashar UART ta wannan allo ita ce ta biyu:

```
screen /dev/ttyUSB1 115200
```

Harafin gwaji mafi amfani shi ne babban U, `01010101`. Idan aka haɗa shi da bit na farawa da na tsayawa, layi yana fita 0, 1, 0, 1 har goma ba maimaici. Aka aika shi ba ƙaƙƙautawa, osiloskof zai nuna igiya mai hawa da sauka daidai, sau 57,600 a sakan, kuma faɗin kowane tudu shi ne tsawon bit, wanda ya kamata ya zama maikurosakan 8.68. Wanda ba shi da osiloskof yana da wata dabarar. Idan shirme yake gani, ya gwada ninka saurin a PuTTY ko ya raba shi biyu. Rubutun da aka kwaso daga allo mai agogon miliyan 50 yana zuwa da N na 434, a Basys 3 kuwa wannan zai ba da bod 230400. Da an saita kwamfuta a wannan sauri haruffa suka fito sarai, an kama ɓarawon.

Idan kuwa sauri daidai ne amma haruffa na fitowa baƙi, a duba jeri. K da aka aika daga hagu zai isa a matsayin `11010010`, lambar da ba ta cikin ASCII ma sam.

Maɓallin hannu yana da nasa rikicin. Wanda ya haɗa `start` kai tsaye da maɓallin allo, ya danna sau ɗaya, zai ga K sun cika shafi. Dannawar da ta ɗauki kashi ɗaya cikin goma na sakan ta isa a aika haruffa sama da 1,100, domin duk sa'ad da injin ya koma JIRA yana tarar da `start` a ɗage. Sai an ratsa da maɓallin ta ma'ajiyai biyu a jere domin ya daidaita da agogo, a tace rawar da ƙarfen maɓalli ke yi, sannan a fitar da `start` na bugu ɗaya a daidai lokacin dannawa.

Gargaɗi ɗaya ya shafi aljihu. Tsohuwar tashar kwamfuta mai ƙafa tara, ta tsarin RS-232, tsarin bit ɗinta ɗaya ne da wannan, amma wutarta dabam. Tana iya kaiwa bolt 15 sama ko ƙasa da sifiri, kuma a juye take, ɗaya shi ne wutar ƙasa da sifiri. Haɗa ta kai tsaye da ƙafar FPGA mai bolt 3.3 yana iya ƙona ƙafar. Ayisi irin MAX3232 ake sawa a tsakani. Ko tsakanin alluna biyu masu bolt 3.3, sai TX na wannan ya tafi RX na wancan, kuma a haɗa GND ɗinsu, in ba haka ba babu ma'aunin da mai karɓa zai auna wutar da shi.

Harafi mai lanƙwasa

Mai rubuta Hausa yana da gwajin da ya fi K tsanani. Haruffa masu lanƙwasa ba sa cikin ASCII. A tsarin UTF-8, wanda kwamfutoci da wayoyin hannu suke amfani da shi yanzu, ƙaramin ƙ bayit biyu ne, `C6` da `99` a rubutun lambobi na tushe goma sha shida. Kalmar ƙasa, mai haruffa huɗu a ido, bayit biyar ce a waya: `C6 99 61 73 61`. Mai aika UART bai san wannan ba kuma bai dame shi ba, bayit yake gani. Zai yi zagaye biyar, kusan maikurosakan 434, manhajar da ke kwamfuta ce za ta haɗa biyun farko ta zana ƙ.

Aika bayit biyar a jere yana bukatar wani ƙaramin sashe mai miƙa su ɗaya-ɗaya, kuma a nan ne `busy` yake shiga aiki. Hanyar da ta fi zuwa wa mutum a rai ita ce: idan `busy` yana ƙasa, a ɗora bayit, a ɗaga `start`, a matsa gaba.

```verilog
if (!busy) begin
  data <= kalma[p];  start <= 1;  p <= p + 1;
end else
  start <= 0;
```

A ido babu laifi. Amma a bi shi bugu-bugu. A bugu na farko `busy` yana ƙasa, an ɗora `C6`, an ɗaga `start`. A bugu na biyu ne mai aikawa yake ganin `start`, ya kwafe `C6`, ya yanke shawarar shiga FARA, sai dai shawarar ba za ta bayyana a `busy` ba sai bayan wannan bugun. A daidai bugun nan na biyu, mai miƙawa ya duba `busy`, ya gan shi a ƙasa har yanzu, ya ɗora `99`, ya matsa gaba. A bugu na uku mai aikawa yana FARA, ba ya ko kallon `start`. Bayit `99` ya salwanta. Haka za a maimaita a zagaye na gaba: `61` ya wuce, `73` ya salwanta, `61` na ƙarshe ya wuce.

Abin da zai isa kwamfuta shi ne `C6 61 61`. Bayit `C6` yana alkawarin cewa abokinsa na tafe, abin da ya biyo shi kuwa harafin a ne zalla, don haka manhajar za ta zana alamar harafin da ba ta gane ba, sannan `aa`. Wanda ya ga haka yakan fara zargin sauri ko waya, alhali kowane bayit da ya fita ya isa lafiya ƙalau. Alamar da ke bambanta wannan cuta da ta sauri ita ce tsarinta: haruffan da suka iso daidai suke, ɗaya ne ke ɓacewa bayan ɗaya. Da kalmar Turanci aka yi gwajin, da an ga haruffa sun yi tsallake kawai, da Hausa kuwa harafin farko ma ba zai fito ba.

Gyaran ɗan guntu ne. A hana mai miƙawa motsi a bugun da `start` yake ɗage, wato a mayar da sharaɗin ya zama `if (!busy && !start)`. Yanzu a bugu na biyu zai ga `start` ɗinsa a sama, ya sauke shi ya dakata, a bugu na uku kuma `busy` ya riga ya tashi. Ba zai sake miƙa komai ba sai injin ya gama TSAYA ya dawo JIRA. Tsakanin bayit da bayit za a sami ƙarin bugu biyu a kan bit na tsayawa, wanda babu mai karɓar da zai ƙi, tunda ƙa'idar ta ce bit guda aƙalla. In dai an saita PuTTY a UTF-8, bayit biyar ɗin za su isa cikakku, kalmar ƙasa ta bayyana da lanƙwasarta.